Wasiƙa zuwa ga 'yata a kan amsa saƙon da ya hana ta aiki

Jos, Jihar Filato

Assalamu alaikum, Mamana.

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, mahaifiyarki ta sanar da ni cewa kamfanin da kika je ganawa da su a Wuse da ke Abuja sun turo miki imel cewa ba ke suka ɗauka a gurbin mataimakiyar akanta ba. Na san abin ya yi miki zafi, musamman da yake kin tsallake tantance takardu, kin yi gwaji a kwamfuta, har kin zauna gaban mutum uku sun yi miki tambayoyi. Allah Ya sa haka ne mafi alheri. Abin da nake so ki yi shi ne ki amsa saƙon nan, ki gode musu, ki kuma nemi su faɗa miki abu guda da za ki gyara.

Ki fara da duba adireshin da saƙon ya fito. Idan ya fara da noreply, to na'ura ce ta aiko shi, kuma babu mai karanta abin da aka mayar can. A wannan hali sai ki nemo imel ɗin jami'ar da ta gayyace ki ganawa, ki rubuta mata kai tsaye. Idan kuwa daga mutum ya fito, ki danna Reply, ba Reply all ba, ki bar kan saƙon yadda yake, domin da ta buɗe za ta ga sunan gurbin ta tuna da ke. Ki bari ki kwana tukuna zuciyarki ta huce, amma kada ki wuce kwana biyu, kuma ki aika da safe a ranar aiki. Dalilin gaggawar shi ne masu ganawa suna ganin mutane da yawa, kuma bayan mako biyu abin da zai rage musu game da ke bai wuce makin da suka rubuta a takarda ba.

Inda na fi so ki natsu shi ne kan tambayar. A shekarun da na yi a sashen kula da ma'aikata na ga irin waɗannan wasiƙu, kuma mafi yawansu tambaya ɗaya suke yi: me ya sa ba ku ɗauke ni ba? Wannan tambaya ba ta samun amsa mai amfani, domin tana sa jami'i ya ji kamar an kira shi ya kare hukuncin da aka yanke, kuma ba zai yarda ya rubuta abin da gobe za a iya kafa hujja da shi a kan ma'aikatarsa ba. Sai ya yi shiru, ko ya maimaita cewa an samu wanda ya fi dacewa. Haka kuma roƙon a faɗa miki duk kurakuranki aiki ne babba da kike ɗora wa mutumin da ba ya binki bashin komai, kuma ba kya binsa. Tambayar da ake amsawa ita ce wadda ta dubi gaba, wadda ta taƙaita a kan abu ɗaya, wadda za a iya gamawa da ita a layi biyu.

Mahaifiyarki ta ce kin gaya mata wurare biyu ne kike zargin kin yi rauni: lokaci ya ƙure miki a gwajin Excel kafin ki gama daidaita bayanan banki da littafin kuɗi, sannan da aka tambaye ki aikin da kika yi lokacin bautar ƙasa kin yi ta bayani ba tare da kawo misali ba. To, ki gina tambayarki a kan waɗannan biyun, ki ba ta zaɓi, domin zaɓar ɗaya cikin biyu ya fi sauƙi a kan ƙirƙiro amsa. Da Turanci za ki rubuta, tunda shi ne harshen ofis, amma ga ma'anar abin da nake so ya ƙunsa:

"Ranki ya daɗe, na gode da sanar da ni hukuncin da kuka yanke a kan gurbin mataimakiyar akanta, na kuma gode da lokacin da ku uku kuka ba ni. Na amfana ƙwarai da bayanin da shugaban sashen kuɗi ya yi kan yadda kuke rufe lissafin ƙarshen wata. Na karɓi hukuncin, ba kuma ina neman a sake duba shi ba ne. Idan dokar ofishinku ta yarda, ina roƙon ki nuna mini wanne ya fi kamata in ƙarfafa kafin ganawa ta gaba a wani wuri: gwajin Excel ne, ko yadda na bayyana ayyukan da na taɓa yi? Layi ɗaya ko biyu ya wadatar. Zan yi farin ciki idan kuka tuna da ni in wani gurbi ya samu. Na gode."

Ki lura da jimlar da ta ce ba kya neman a sake duba hukuncin. Ita ce mafi muhimmanci a saƙon, domin ita ce ke kwantar wa jami'ar hankali ta san ba rigima kika zo da ita ba. Ambaton bayanin rufe lissafi kuma yana nuna godiyar ta gaske ce, ba wadda aka kwafo ba. Idan ba shi ne ya tsaya miki a rai ba, ki sa abin da ya tsaya miki. Kada ki ambaci tsadar haya a Abuja, ko kuɗin motar da kika kashe, ko cewa ke ce babba a gida. Duk gaskiya ne, amma suna mayar da wasiƙar ta zama roƙo. Kada kuma ki tambayi wanda aka ɗauka, kada ki saka zargin cewa sanayya ce ta yi aiki, ko da ƙawayenki sun faɗa miki haka.

Yana yiwuwa ba za a amsa ba, domin wasu ma'aikatu sun hana jami'ansu yin irin wannan bayani. Idan mako guda ya wuce shiru, kina iya tunatarwa sau ɗaya cikin layi biyu, daga nan ki bari. Kada ki bi ta da kira ko saƙon WhatsApp a lambar da ta ba ki don kwatancen ofis. Idan amsar ta zo da cewa kin yi ƙoƙari amma an samu mai gogewa fiye da ke, ki gane cewa iyakar abin da za ta iya faɗa ke nan, ki gode mata ki rufe zancen.

Idan kuwa ta ce miki, misali, daidaita lissafinki daidai yake amma kin yi shi layi bayan layi da ido, alhali wasu sun yi amfani da VLOOKUP, wato dabarar Excel da ke nemo bayani a cikin jeri da kanta, sun gama da wuri, to kin samu abin da kika nema. Kada ki mayar da bayanin cewa kwamfutar ce ta yi nauyi ko ba ki saba da ita ba. Ki ce kin gode, kin kuma fahimta. Sannan ki ɗauki bayanin asusunki na banki na wata uku, ki shigar da shi a Excel tare da abin da kika rubuta na kashe kuɗinki, ki riƙa daidaita su kina duba agogo, har ki iya gano cajin banki da kuɗin da bai shiga ba cikin lokacin da suka ba ku a gwajin.

Ki turo mini abin da kika rubuta kafin ki aika, in duba miki. Mahaifiyarki da ƙannenki suna gaishe ki. Allah Ya yi miki albarka, Ya buɗa miki ƙofar alheri.

Wassalam,
Mahaifinki