Barka da Sallah daga Kumasi, aminina

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Aminina ɗan uwana, barka da Sallah, barkanmu da shan nama, Allah ya karɓi layyarmu ya maimaita mana. Ya gida, ya iyali, ya jikin Inna? Har yanzu tana fama da ciwon gwiwar nan ko ta samu sauƙi? Ya uwargida da yara, su nawa ne yanzu? Babban ɗanka da na bari yana rarrafe a soro ai ya zama saurayi, wane aji yake, ko har ya gama sakandare? Ya ruwa a wajenku bana, an yi shuka? Kuma wai kana nan da rumfarka a Mariri ko ka canja sana'a, don duk direban da ya sauka daga Kano sai na tambaye shi kai, wani ya ce ya san fuskar wani ya ce bai sani ba.

Wallahi shirun nan ya dame ni. Ka san tun da aka rufe bodar Najeriya a watan Agusta na 2019 abubuwa suka watse, direbobin da muke ba saƙo suka daina zuwa, ba a buɗe ba sai ƙarshen 2020, ga korona a tsakani. Bayan nan kuma aka ce kowa ya sake rajistar layinsa da katin ɗan ƙasa, tsohon layina ya tafi da lambarka a ciki. Jiya da daddare wani yaro ɗan unguwarku da ke sayar da albasa a Kwadaso ya ce zai iya kai maka saƙo ta wayar yayansa, shi ne na zauna na rubuta tun kafin barci ya ɗauke ni.

Mu nan Sallah ta yi kyau alhamdulillah. An yi idi da safe, Aboabo da Asawase da Sabon Zongo duk sun cika maƙil, ko ina Hausa kake ji, har Dagomba da Mosi da Frafra da ita suke ciniki a zango. Rago ya yi tsada sosai don yawancin dabbobin daga Burkina da Mali da Nijar ake kawo su, sai muka haɗa kai mu bakwai muka sayi sa, kamar yadda mutane da yawa ke yi a nan. Maƙwabtanmu Asante kiristoci ne amma sai da muka aika musu kasonsu, su ma in Kirsimeti ta zo ba sa mantawa da mu.

To bari in zo kan abin da ke raina. Ina nan a harkar goro, sana'ar iyayenmu, kuma ina so mu koma yinta tare kamar da, ni a nan kai a can. Ka tuna yadda Baba yake ba mu labarin fataken Gwanja, su Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, da jakuna har Salaga? Bayan Turawa sun ci Kumasi a 1874 kasuwar Salaga ta fara mutuwa, mutanenmu suka yi ta gangarowa kudu har inda goron yake fitowa, haka zangon Kumasi ya cika da Hausawa. An kori baƙi a 1969 zamanin Busia, su Baba suka koma gida da abin da hannunsu ya iya ɗauka, amma hanyar goro ba ta mutu ba.

Sai dai goro ba kayan da ake yi da nisa ba ne sai da amintacce, shi ya sa nake nemanka. Kakarsa tana kamawa daga wajen watan tara har zuwa farkon shekara, lokacin nake shiga ƙauyukan Offinso da Tepa ina saye a hannun manoma. In an fasa kwanson, kowane goro yana cikin farar riga, sai a jiƙa shi ko a tara shi wuri ɗaya rigar ta yi laushi, mata su zauna su ɓare su wanke. Daga nan a zuba a kwando ba ganye a bar shi ƴan kwanaki ya yi gumi ya tsane. Nan ne masu gaggawa ke cutar kansu, in ka ɗaure shi da ruwa a jikinsa zai yi zafi a cikin huhu ya fara funfuna, ka buɗe ka ji wani wari mai tsami. In kuma ka bar shi iska ta buge shi sai ya yamutse ya yi tauri, ba mai sayensa da daraja. Sai ya tsane daidai ake tsince shi ɗaya bayan ɗaya, manya daban ƙanana daban, fari daban ja daban, sannan a shimfiɗa ganyen fita a naɗe.

Babban maƙiyinmu sankara ne, ka fi ni sani. Ƙwaron tun daga gona yake shiga, musamman goron da ya faɗo ƙasa ya kwana, kuma daga waje ba ka ganin komai sai ɗan ɗigo baƙi kamar bakin allura, in ka fasa ka tarar da hanya da gari a ciki. Guda ɗaya in ya tsallake tsinta sai ya bi sauran. Wasu suna zuba maganin ƙwari a kai don kayan su daɗe, ni dai ban yarda da wannan ba ko kaɗan, abu ne da tsoho zai sa a bakinsa ɗanye ba wanki ba dafawa, ina za ka kai alhakinsa? Gara in riƙa buɗe huhu duk bayan sati biyu ko uku, in canja ganyen da ya bushe in fitar da wanda ya taɓu. Haka daushe yake kaiwa wannan lokacin da goro ya yi ƙaranci, kuma a nan ribar take.

Lokacin rufe bodar nan akwai wani abokin sana'armu da motarsa ta maƙale a hanya, kayan kuwa masu kyau ne an tsince su sosai. Amma huhunan suna jibge a kan juna ƙarƙashin tamfol, rana tana duka, ba wanda ya sauke ya yayyafa ruwa ya canja ganye. Da aka buɗe na ƙasa sun dahu sun yi baƙi, na sama sun bushe, na tsakiya kaɗai aka tsira da su. Shi ya sa nake son wanda zai tari kayan ranar da suka sauka a Mariri, ya buɗe a take ya sake tsinta kafin dillalai su sa baki, ya faɗa min gaskiyar abin da ya gani. Na san goron Shagamu ya fi kusa da ku kuma kuɗin mota bai kai namu ba, ga canjin sidi da naira da ke hawa da sauka, saboda haka kada mu fara da yawa, huhu kaɗan tukuna mu ga yadda kasuwa za ta karɓa.

In babban ɗanka yana da sha'awa ka turo min shi da kaka ya koyi tsinta a hannuna, ɗaki yana nan, kuma fasfo ɗin ECOWAS da katin allurar shawara sun ishe shi hanya. In ba ka son harkar ma ba komai wallahi, ni dai in ji muryarka. Lambata tana wajen yaron nan, ka kira ko ka aiko da saƙon murya ko da dare ne, agogonku yana gaban namu da awa ɗaya.

Ka gaida Inna da kyau ka ce ta sa mu a addu'a, ka gaida uwargida da yara da liman da duk mutanen majalisa. Maiɗakina da yara suna gaishe ku.

Naka har kullum, daga Aboabo, Kumasi.