Zuwa ga ƙanena, kafin ka aika wancan imel ɗin

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan ka tashi lafiya, da Inna da jikin nata. Ni lafiya lau. Aikin dare ne wannan watan, barci ya ɗan yi ƙaranci, amma ba abin da za ka faɗa wa Inna ba ne.

Na ga saƙon godiyar da ka turo min in duba kafin ka aika wa waɗanda suka yi maka intabiyu. Kada ka aika shi. Na ga ka sake jero makarantun da ka yi, ka sake maƙala takardunka, sannan ka rubuta cewa kai ne ke riƙe da gida, su dubi girman Allah su taimaka. Wannan layin ya hana ni sukuni, domin na san da ina nan da nauyin bai faɗo kanka haka ba. Amma su mai kula da sito suke nema, kuma wanda ya karanta roƙo irin wannan zai ɗauka kowane aiki ma kake so, ba nasu ba. Takardunka kuwa suna hannunsu, da su suka kira ka.

Abin da ba ya cikin takardun shi ne hirar da kuka yi. Ka ce min shugabar sashen ta yi ƙorafin cewa ƙidayar kaya ta ƙarshen wata ba ta daidaita da abin da ke rubuce, kai kuma ka rikice, ka ba da amsa sama-sama, alhali ka san maganin abin tun a wurin aikinka na baya. To wannan shi ne saƙon. Ga yadda zan rubuta in ni ne, sai ka mayar da shi harshen da aka yi intabiyun da shi:

"Ranki ya daɗe, na gode da lokacin da kika ba ni jiya kan aikin mai kula da sito. Na ci gaba da tunani kan saɓanin ƙidayar da kika ambata. A inda na yi aiki a baya, mukan ƙirga kayan da suka fi saurin fita duk mako, don a gano kuskure tun takardun fitar kaya suna kusa. Hirar ta ƙara min sha'awar aikin. In akwai wani bayani da kuke buƙata, a shirye nake."

Shi ke nan, jimla biyar. Ka lura sau ɗaya aka ce ana son aikin, kuma ba a tabo albashi ba. In kana shakkar wata jimla, ka tambayi kanka ko za ta shiga saƙon kowane kamfani ba tare da an canja komai ba. In za ta shiga, goge ta. In kuma tana cikin takardar neman aikinka, ita ma goge.

Ka aika yau, kada ya wuce kwana ɗaya da intabiyun, tun ba su zauna sun yanke shawara ba. Ka buɗe imel ɗin gayyatar ka danna Reply, don su gane ka nan take. Tunda su uku ne, kada ka tura musu magana iri ɗaya, sukan nuna wa juna. In adireshin mai ɗaukar ma'aikata kaɗai gare ka, rubuta mata ka ce ta isar da godiyarka ga sauran. Kada ka bi lambar wayar kowa. Ka duba rubutun sunanta sau biyu.

Kuɗin da na turo, na maganin Inna ne, ragowar na motarka da data. Na ji an ce wani ya yi maka alkawarin zai bi maka maganar aikin in ka ba shi wani abu. Ko sisi kada ka ba shi.

Sun ce za ka ji daga gare su cikin mako biyu, to ka bar su. Sai ranar ta wuce da kwana biyu ko uku, sannan ka yi tambaya guda, layi biyu, a ƙarƙashin wannan imel ɗin. Kuma kada ka ɗora rai a kan saƙon: wasu wuraren maki suke bayarwa a ɗakin intabiyu su rufe, godiya ba ta ƙara komai a kai. Rashin amsa ma ba ya nufin an ƙi ka.

Ka kai har zagaye na ƙarshe da ƙoƙarinka, wallahi sai da na faɗa wa abokan aikina. Na sake faɗa, maganin Inna tukuna, kuma mutumin nan kada ya ga ko sisi. Ka turo min abin da ka aika. A gaida Inna da Yaya da yara.

Naka,
Yayanka