Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Kan Fassarar Takardar Amincewa da Tiyata

"Likita, mun mayar da takardar sa hannu kafin tiyata zuwa Hausa ba tare da tsallake ko kalma ɗaya ba, amma ka ce a taro ba ta wadatar ba. Me ya rage?"

Malama, bayan gaisuwa da fatan alheri, zan amsa miki da aikin maƙoƙo, domin shi na fi sani.

A takardar Turanci akwai layin da ke gargaɗi kan raunin da zai iya samun wata jijiya a wuya, kuma mai fassara zai rubuta "akwai haɗarin lalacewar jijiya" ya wuce, bai yi ƙarya ba. Sai dai Turanci yana da suna dabam ga jijiyar jini, da jijiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi, da wadda ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa, alhali mu duk jijiya muke ce musu. Majinyacin da aka karanta wa layin nan zai ɗauka zubar jini ake nufi, ya ce ai likita zai ɗinke. Wadda ake nufi kuwa ita ce mai motsa tantanin murya, wadda ke bi ta bayan ƙullin da za a cire. Idan ta taɓu murya na dishewa, yawanci na makonni ko watanni, amma a wajen kusan mutum 1 zuwa 2 cikin 100 ba ta komawa yadda take.

Ki ɗauka majinyacin ladani ne, ko malamar Islamiyya da ke wuni tana biya wa yara karatu. A wurinsu wannan layi ya fi komai nauyi a takardar, amma fassarar ko ambaton murya ba ta yi ba, saboda asalin ma likita ya rubuta shi da kalmomin da likitoci ke fahimta.

Kalmar "haɗari" ma tana da nata laifin. Likita yana nufin yiwuwar faruwar abu, wadda ake iya ƙirgawa, Bahaushe kuwa yana jin tsautsayi irin na mota, abin da ba a lissafa shi. Haka "ba safai ba" take: wani zai ji 1 cikin 10, wani 1 cikin 1,000.

Da ni zan rubuta layin, cewa zan yi: "Cikin mutum 100 da aka yi wa aikin nan, 1 ko 2 muryarsu kan dishe har ƙarshen rayuwa, wasu kuma takan dishe na ɗan lokaci ta dawo." Kafin a sa hannu ko a dangwala yatsa, kada ki tambayi majinyacin ko ya gane, domin kunyar likita za ta sa ya ce e. Ki ce ya faɗa miki abin da zai gaya wa iyalinsa idan ya koma gida. Idan bai ambaci murya ba, a sake bayani.

Wassalam.