Wasiƙa ga iyaye: abin da tiramadol da maganin tari mai kodin ke yi a jikin yaro

Assalamu alaikum, iyaye da masu riƙon ɗalibanmu.

Wasiƙar wannan zangon mun keɓe ta ga magunguna biyu, wato tiramadol da maganin tari na ruwa mai kodin. Dukansu magunguna ne na gaskiya da likitoci ke rubutawa, kuma abin da ke sa a raina su ke nan. Yaron da ba zai taɓa kusantar hodar ibilis ba, sai ka ga bai ɗauki kwalbar maganin tari a bakin komai ba. Abin da muka fi so ku riƙe daga wannan takarda shi ne maganar numfashi, domin ta nan ne waɗannan magunguna suka fi yin kisa, kuma yawanci cikin barci.

Kodin da tiramadol 'yan gida ɗaya ne da mofin, maganin nan mai ƙarfi da ake yi wa majinyaci bayan tiyata. A ƙwaƙwalwa da laka da hanji akwai wasu ƙananan gurabe da waɗannan magunguna ke shiga kamar yadda makulli ke shiga kwaɗo. Idan suka shiga, saƙon zafin ciwo ya ragu, tari ya lafa, hanji ya rage motsi, mutum ya ji wani irin sanyin jiki da natsuwa. Wannan natsuwar ce masu sha ke nema. Sai dai akwai irin waɗannan gurabe a gindin ƙwaƙwalwa, inda ta haɗu da laka, kuma a nan ne ake sarrafa numfashi. Aikin wurin shi ne ya lura da gurɓatacciyar iskar da ke taruwa a jini, ya tilasta wa ƙirji ya shaƙa ya fitar, ko mutum na farke ko yana barci. Maganin yana dakushe wannan lurar. Gurɓatacciyar iska na taruwa, iskar oksijin na raguwa, amma ƙwaƙwalwa ba ta jin cewa akwai matsala. Shi ya sa mai shan ba ya shure-shure kamar wanda aka shaƙe. Numfashinsa ne kawai ke ta yin ƙasa har ya tsaya.

Akwai wani abu game da hanta da yawancin mutane ba su sani ba. Kodin da kansa ba shi da ƙarfi sosai. Sai ya isa hanta, wani sinadari a cikinta ya juya wani kaso nasa, wajen kashi ɗaya cikin goma a yawancin mutane, ya koma mofin. Haka ma tiramadol, hanta ce ke juya shi zuwa wani abu da ya fi shi ƙarfi. Ƙarfin wannan sinadarin gado ne, kuma ya bambanta daga mutum zuwa mutum. Hantar wani tana juyawa kaɗan, ta wani kuma tana juyawa da yawa cikin sauri. Ba a gane wannan da ido, kuma ba ruwansa da girman jiki. Don haka abokai biyu za su iya shan abu ɗaya daidai wa daida, ɗaya ya tashi da safe, ɗaya bai tashi ba. Wannan na cikin dalilan da suka sa hukumar kula da magunguna ta Amurka ta hana ba yara 'yan ƙasa da shekara 12 kodin da tiramadol a 2017, sannan a 2018 ta taƙaita maganin tari mai kodin ga 'yan shekara 18 zuwa sama.

Tiramadol yana da wani aiki na biyu wanda kodin ba shi da shi. Yana ƙara yawan wasu sinadarai biyu da jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke aika saƙo da su, ɗayansu shi ne sirotonin. Shi ya sa da farko mai shan kan ji kuzari da surutu maimakon barci, har ya ɗauka maganin ƙarfi ne. Ba ya ƙara ƙarfi ko kaɗan, gajiyar ce kawai yake ɓoyewa. Tiramadol kan kuma kawo jijjiga irin ta farfaɗiya ga wanda bai taɓa yin ta ba. Takan zo ko a kan adadin da likita ya rubuta, amma ta fi yawa idan aka wuce iyaka.

Bari mu ɗauki misali mu bi lissafinsa. A ce saurayi ɗan shekara 16 ya sha kwalba mai mililita 100 da ƙarfe tara na dare, irin wadda kowane ƙaramin cokali na mililita 5 ke ɗauke da miligiram 10 na kodin. Kwalbar cokali ashirin ce, wato miligiram 200. Babban mutum mai tari cokali ɗaya ko biyu ake ba shi a lokaci guda, to yaron ya sha ninki goma zuwa ashirin. A cikin irin wannan kwalba sau da yawa akwai maganin mura mai sa barci, kamar difenhaidiramin ko firometazin, shi ma ya shanye shi ninkin-ba-ninkin. Ya kuma haɗa da ƙwaya biyu na tiramadol masu lamba 225, wato miligiram 225 kowace, irin waɗanda ake fataucinsu ta bayan fage. Kafso na asibiti miligiram 50 ne, kuma iyakar babban mutum miligiram 400 ce a cikin awa 24, a rarrabe. Yaron ya haɗiye 450 a zama ɗaya, in ma abin da aka rubuta a jikin ƙwayar gaskiya ne, domin irin waɗannan ba wanda ya tabbatar da abin da ke cikinsu.

Kafin ƙarfe goma kodin ya kai ƙololuwar ƙarfinsa a jini. Yaron na soshe-soshe, musamman a hanci da fuska, maganarsa na jan jiki, kai na rinjayarsa, wataƙila ya yi amai. Ya shiga ɗaki ya kwanta. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya tiramadol ma ya kai nasa ƙarfin, ga barci ya ƙara rage numfashin da dama ya ragu. Wanda ya wuce ta bakin ƙofa zai ji minshari mai nauyi, mai gargada, yana yankewa yana dawowa, sai ya ce yaron ya gaji ne, a bar shi ya huta. A nan ne ake rasa yara. Wannan minsharin ƙarar maƙogwaro ne da ya saki, harshe ya koma baya yana toshe hanyar iska. Idan amai ya zo yana kwance rigingine, ba shi da tarin da zai fitar da shi, domin maganin ya kashe tarin, sai ya gangara huhu.

Ga yadda za ku bambance wannan da barcin gaskiya. Ku kira sunansa da ƙarfi, ku girgiza kafaɗarsa, ku murza ƙashin tsakiyar ƙirjinsa da gaɓoɓin yatsu. Mai barci zai motsa ya ture hannunku. Ku duba agogo ku ƙirga tashin ƙirjinsa na minti ɗaya cikakke. Lafiyayyen saurayi yana yin sau 12 zuwa 20. Idan ya gaza goma, ko ana samun dogon shiru tsakanin numfashi da numfashi, abin ya zama na gaggawa. Ku ɗaga fatar idonsa: baƙin tsakiyar ido kan tsuke ya koma kamar kan allura, kodayake da tiramadol kaɗai ba lallai a ga haka ba. Ku duba cikin leɓe da ƙarƙashin farce, za ku ga sun yi toka-toka ko shuɗi-shuɗi, jiki kuma ya yi sanyi da gumi.

Idan kun ga haka, ku kwantar da shi a gefensa, ku ɗan ɗaga haɓarsa, ku nufi asibiti nan take tare da kwalbar ko takardar ƙwayar da kuka samu. Kada a ɗura masa ruwa ko madara ko wani abu, kada a sa masa yatsa don ya yi amai, kada a sheƙa masa ruwan sanyi a zauna jira. Idan numfashi ya tsaya, a toshe hancinsa a hura masa iska ta baki, sau ɗaya duk daƙiƙa biyar. Idan yana jijjiga, a kawar da abin da zai ji masa rauni, kada a danne shi, kada a cusa masa cokali a baki. A asibiti akwai allura mai suna nalokson da ke tunkuɗe maganin daga gurabensa, numfashi ya dawo cikin minti biyu zuwa uku. Amma ƙarfinta na ƙarewa cikin rabin awa zuwa awa ɗaya da rabi, alhali tiramadol na ɗaukar wajen awa shida kafin rabinsa ya bar jini, kuma allurar ba ta hana jijjiga. Don haka ko ya farfaɗo ya ce shi lafiyarsa lau, kada ku matsa a sallame shi. Muna roƙonku ku faɗa wa likita gaskiyar abin da ya sha. Jin kunya a wannan lokacin ɓata minti ne da yaron ba shi da shi.

Wanda ya daɗe yana sha, alamunsa sun fi ɓoyuwa. Jiki kan saba, adadin jiya ba ya isa yau, sai a ƙara, ko a haɗa da giya ko ƙwayar barci irin dayazifam, wanda shi ne haɗi mafi haɗari ga numfashi. Hanji kuwa ba ya sabawa, shi ya sa taurin bahaya na kwanaki ke cikin alamun da suka fi tabbata, tare da gyangyaɗi da rana, ramewa da lalacewar haƙora. Idan bai samu ba na awa takwas zuwa kwana ɗaya, sai hamma da hawaye da majina, ciwon gaɓoɓi, murɗawar ciki, gudawa da rashin barci. Abin ya fi tsanani a kwana na biyu da na uku, ya lafa cikin mako guda. Da yawa a wannan matakin ba daɗi suke nema ba, gudun wannan azabar suke yi, kuma duka ko kulle ba ya warkar da ita. Mai shan tiramadol kan ƙara da firgici da ruɗewa idan ya yanke kwatsam, don haka likita kan rage masa adadin sannu a hankali.

Lokacin da ya fi buƙatar idonku shi ne bayan ya daina. Cikin 'yan makonni sabon da jikinsa ya yi zai gushe. Idan ya koma ya sha adadin da ya saba a da, jikin zai karɓe shi kamar na wanda bai taɓa sha ba, kuma yawan da yake ɗauka lafiya wata biyu baya zai iya tsayar masa da numfashi. Ku faɗa masa wannan ƙarara tun ranar da ya fara jinya. Idan kuma an taɓa rubuta wa wani a gida ɗaya daga cikin magungunan nan, a kulle shi, a san yawan abin da ya rage, a mayar da ragowar wurin mai harhaɗa magani idan an warke.

Mahaifi ko mai riƙon da ya ga wata alama daga cikin waɗannan, ya zo ofishin kula da lafiyar ɗalibai a lokacin aiki. Za mu zauna da shi a keɓe, mu haɗa shi da likita.

Wassalam,
Sashen Kula da Lafiyar Ɗalibai