Rahoton Ayyukan Shekara: Jadawalin Mako Huɗu na Masu Neman Takardar Tsabtar Abinci

Assalamu alaikum, iyaye da 'yan'uwa masu sana'ar girki a Garwa.

Bana adashe ya zagaya lafiya, gudummawar biki da ta rasuwa ta isa inda ya kamata, ma'aji kuma zai karanta lissafin kuɗi a zaman gobe. Aikin da ya fi cin lokacinmu shi ne shirya membobin da suka nemi takardar shaidar tsabtar abinci, don haka a kansa zan tsaya.

Da farko mun yi kuskure. Mun sa karatu awa ɗaya bayan isha'i, muka manta cewa wadda ta hura wuta tun asuba barci ne ke gabanta a wannan lokaci. Kafin mako ya cika zaman ya watse. Sai muka ɗauki ranar wata 'yar'uwarmu mai dafa shinkafa da miya kusa da tasha, muka auna jadawalin da ita. Tana sauke tukunyar ƙarshe da azahar, ta gama wanke-wanke kafin la'asar. Muka ba ta minti 30 bayan la'asar, Litinin zuwa Alhamis. Juma'a hutu, Asabar ta gwada abin da ta koya a wurin aikinta, Lahadi a haɗu awa biyu.

Mun bi matakai biyar ɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara don kiyaye abinci. Makon farko na ƙwayoyin cuta ne da hannu: wanki da sabulu na daƙiƙa 20 bayan bayan gida, bayan taɓa ɗanyen nama, kuma kafin a fara girki. Mai ciwon gudawa ya bar tukunya. Wanda ya ga kwalarar 2010 a arewacin ƙasar nan tamu ta Kamaru ba ya bukatar dogon bayani, shi ya sa makon bai yi wuya ba.

Mako na biyu ne ya ba da wahala, domin na lambobi ne. Huɗu muka nemi kowa ya haddace: a dafa har tsakiyar abinci ya kai digiri 70, mai zafi a riƙe shi sama da 60, mai sanyi ƙasa da 5, dafaffe kuma kada ya wuce awa 2 a ajiye haka kawai. Lamba ɗaya kowace rana, a rubuce a bangon madafa. Ranar Asabar 'yar'uwar tamu ta sa ma'aunin zafi a shinkafar da ta sauke ƙarfe 11. Da ƙarfe 1 zafin shinkafar ya sauka ƙasa da 60, ga shi al'adarta ta sayar da ita har ƙarfe 4. Ta ce ai tana ɗumamawa. Nan muka daɗe, saboda shinkafa tana da wata ƙwayar cuta da dahuwa ba ta kashe irinta. Idan shinkafar ta huce ta daɗe, ƙwayar tana yaɗuwa ta saki dafi, ɗumame kuma ba ya karya wannan dafi. Ba wari, ba yami, sai mai ci ya kama amai bayan 'yan awanni. A watan Afrilu, da zafin Garwa ke haura digiri 40, abin ya fi sauri. Yanzu tana dafa rabi ƙarfe 11, rabi ƙarfe 1, tukunyar kuma tana zaune kan garwashi. A ganina ko da ba ta samu takarda ba, wannan kaɗai ya biya wahalar watan.

Mako na uku: raba ɗanye da dafaffe, ajiya da ruwa. Wuƙar da ta gyara kifin Binuwai ba ta yanka tumatirin salak sai an wanke ta da sabulu. A firiji ɗanyen nama ƙasa yake zama don kada ruwansa ya ɗiga kan dafaffe. Ba a cusa babbar tukunya da zafinta, a baza abincin a faranti marar zurfi ya huce da wuri. In an ɗauke wuta, a bar ƙofar a rufe.

A mako na huɗu ba a koyi sabon abu ba. Kullum tambayoyi goma cikin minti 15, sauran lokacin a koma kan waɗanda aka faɗi. A nan muka gano cewa wasu sun san amsa da Hausa ko Fulatanci amma tambayar Faransanci na ruɗa su. Mun makara wajen ganin haka, laifin kuma na kwamiti ne. Baɗi kalmomi biyar na Faransanci za su shiga karatun kowace rana tun makon farko, kuma ba za mu sa jadawalin a watan azumi ba.

Ma'aunin zafi guda biyu da ƙungiya ta saya suna hannun ma'aji. Mai aro ya tsoma shi a ruwan ƙanƙara tukuna, in bai nuna 0 ba ya sanar da mu. Rajistar rukuni na gaba tana wurin sakatare.

Wassalam,
Sakataren ƙungiya