Wasiƙa ga Yaya kan maganar jakunkunan fata

Assalamu alaikum Yaya,

Ina gaisuwa, da fatan Baba da Inna da yara suna lafiya. Ka tambayi sana'ar da ɗalibi zai iya yi a nan ƙasar waje da kayan gida. Shawarata ita ce a haɗa masu ɗinkin jakar fata da ƙananan shagunan nan, domin fata ba ta lalacewa a hanya kamar kayan ci.

Kafin komai sai an duba abin da biza ta halatta. A Birtaniya, alal misali, bizar ɗalibi ta hana shi kafa kasuwancin kansa. Inda doka take haka, ciniki da kuɗi su kasance tsakanin ku da mai shago kai tsaye, ɗalibin kuma ya tambayi ofishin ɗalibai na makarantarsa iyakar abin da zai iya sa hannu a ciki.

Kada a ɗinka da yawa tun farko. A yi samfuri iri uku, kowanne guda biyu: ɗaya ya zo nan, ɗaya ya zauna wurin maɗinki. Idan mai shago ya zaɓa, a rubuta tsawo da faɗi da santimita, da launi, da irin zif. Sai ya ba da rabin kuɗi, sannan a yanka fata. Nan ne aka fi faɗuwa, Yaya. Samfuri ya fito tsaf, amma guda talatin da suka biyo baya kowacce da girmanta, saboda an raba aikin ga hannu biyar ba tare da ma'aunin kwali ɗaya ba. Mai shago zai maido da su, kuma da gaskiyarsa.

Ka duba kowace jaka da kanka. Goga mata farin ƙyalle mai ɗan laima. In ya ɗauko launi, rinin zai ɓata tufar mai saye. In tana wari, jimar ba ta yi ba. A bar ta ta bushe sarai kafin a kulle a leda, in ba haka ba ta iso da fumfuna. Fatar kada da ta mesa kuwa a bar su, sai da izini na musamman suke tsallaka iyaka.

Kuɗin jirgi ma akwai lissafi. Kamfanonin aike suna auna girman kwali: tsawo sau faɗi sau tsayi, a raba da 5000. Kwali mai santimita 60 da 40 da 40 zai ba da kilo 19.2, kuma shi za a biya ko da nauyinsa na gaskiya kilo 12 ne. Don haka a shimfiɗe jakunkunan, kada a cusa musu takarda. A takardar kwastan lambarsu tana ƙarƙashin 4202, kuma tun kafin kaya su taso a rubuta wanda zai biya harajin shigowa.

Ka fara nemo maɗinki ɗaya mai cika alkawari, ka turo mini hoton aikinsa. A gaida kowa da kowa.

Ƙaninka