Wasiƙa zuwa ga ɗana a kan inda yake ajiye kuɗin cinikinsa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya kai da iyalinka, ina sanar da kai cewa mu ma lafiya muke, kuma mahaifiyarka tana gaishe ka. Abin da ya sa na zauna na rubuta maka da hannuna, ban bari sai mun yi waya ba, shi ne maganar da yayanka ya faɗa mini, wai tun da ka koma can ka fara cin gashin kanka ka daina amfani da asusunka na banki, duk kuɗin da masu saye suke biyanka a asusun waya suke shiga, a nan suke kwana, daga nan kake biyan masu kawo maka kaya. Ya ce har ka ambaci rufe na bankin gaba ɗaya saboda cire-ciren da suke yi maka. Tun ranar da na ji wannan maganar barcina bai cika ba.

Ban ce ba ka da hujja ba. Na san mai saye yana tsaye a gabanka zai tura kuɗi, kafin ka gama ɗaure masa kaya sun shigo, alhali ta banki wani lokaci sai a cire masa kuɗin, kai kuma ba ka gani ba, ku tsaya kuna kallon juna, shi yana nuna maka rasit kai kana nuna masa asusunka babu komai, kuma kuɗin da suka maƙale sai a yi kwanaki kafin su dawo. Na san buɗe asusun waya ba ya buƙatar bin layi ko tarin takardu. Wannan hanya kuma ba ta jiya ba ce, tun shekarar 2007 aka fara irinta mai suna M-Pesa a ƙasar Kenya, kuma ƙananan 'yan kasuwa sun ci moriyarta. Saboda haka ba zan ce ka daina karɓar kuɗi da ita ba, domin wanda ya ƙi karɓa ta hanyar da mai saye yake da ita, cinikinsa ya kora. Damuwata ita ce kwanan kuɗin a ciki.

Ka yi tunani a kan abin da yake tsare da asusun nan. Lambar wayarka ita ce lambar asusun, ko kuma ita ce makullinsa. Idan an manta lambar sirri, layin ake aika wa saƙon sauya ta. Idan za a buɗe asusun a wata sabuwar waya, layin ake aika wa lambar tabbatarwa. Ke nan duk wanda ya riƙe layinka ya yi rabin hanyar zama kai, kuma layin nan yana cikin wayar da kake ajiyewa a kan tebur, wadda yaronka yake ɗauka ya duba alat, wadda kake danna lambar sirri a kanta sau da yawa a yini a gaban mutanen da ba ka sani ba. Ba sai an sace wayar ba ma. Akwai masu zuwa wurin kamfanin layi, ko wurin wani wakilinsa marar amana, da sunanka da ranar haihuwarka da suka tsinta, su ce layinsu ya ɓata a yi musu welkam bak, a ba su sabon sim da lambarka, naka da ke hannunka ya mutu nan take.

Ka san abin da ya same ni a shekarar da ƙanwarka ta yi jinya, amma kana yaro a lokacin, ba ka san yadda abin ya gudana ba, kuma ban taɓa zaunar da kai na faɗa maka ba. Ranar Alhamis ce da la'asar na duba wayata na ga babu sabis ko sanda ɗaya. Wayar yaron shagona, mai layi irin nawa, tana aiki lafiya lau, amma ban kawo komai a raina ba, na kashe na kunna, na cire sim na goge shi da gefen rigata na mayar, na ce matsalar kamfani ce, gobe za ta gyaru. Juma'a ban samu zuwa ofishinsu ba saboda asibiti. Sai ranar Litinin na je, yarinyar da ke kan na'ura ta duba ta ce ai an riga an sauya mini sim tun ranar Alhamis. Kafin a dawo mini da layin in shiga asusun wayata, babu abin da ya rage. An kwashe kuɗin kashi-kashi cikin dare biyu, kowane kashi daidai iyakar abin da ake yarda a fitar, zuwa wasu asusun da su ma an riga an kwashe su. Cinikin kwana 19 ne a ciki, domin ina tarawa ne in biya mai kawo mini kaya a ƙarshen wata.

Ina so ka yi wannan lissafin da kanka, domin shi ne abin da ban yi ba sai da ya zama dole. Kuɗin ciniki ba riba ba ne, yawancinsu uwar kuɗi ce da haƙƙin mutane. A lokacin ribata ba ta wuce kashi 10 cikin 100 ba, ma'ana sai na yi cinikin kwana 10 kafin ribar ta kai kuɗin cinikin yini ɗaya. Cinikin kwana 19 da ya tafi, ribar kwana 190 ke nan, fiye da wata shida ina buɗe shago ina rufewa don in koma inda nake, kuma a cikin watannin nan ana ci ana sha ana biyan magani. Da a ce kowace yamma ina kwashe abin da ya shigo ina mayar da shi wani wuri, da abin da za su samu bai wuce cinikin yini ɗaya ba, wanda ribar kwana 10 za ta rufe. Yanzu ka ɗauko abin da banki yake cire maka a wata, wanda ka ce shi ya ɓata maka rai, ka ajiye shi kusa da wannan, ka ga wanne ya fi nauyi.

Na san a ranka za ka ce ni tsohon zamani ne, ban iya waya ba shi ya sa aka cuce ni. To ka sani ban taɓa ba kowa lambar sirrina ba, ban amsa kiran wani mai cewa daga kamfani yake ba, kuma na yi shekaru ina juya kuɗin mutane ba a taɓa kama ni da sakaci ba. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne kai da ka ga yadda gidan nan ya shiga a waccan shekarar, ka ga abin da mahaifiyarka ta sayar, kai ne za ka tara jarinka duka, har da wanda baffanka ya ranta maka, ka rataye shi a kan sim ɗaya, kuma ba ka ga ya dace ka tambaye ni ba sai dai in ji a bakin wani. Wannan ba wayewa ba ce, ganganci ne, kuma kuɗin ba naka ba ne kai kaɗai da za ka yi ganganci da su.

Kada kuma ka ɗauka sunan banki kaɗai zai tsare ka. Idan asusun bankinka yana ɗaure da layin nan ɗaya da kowa ya sani, kuma ana iya tura kuɗi daga cikinsa ta hanyar danna lambobi a waya, to wanda ya ƙwace layin ya samu ƙofa biyu maimakon ɗaya. Amfanin banki shi ne yana ba ka damar nisanta kuɗin daga hannunka. Ka sayi wani layi dabam wanda ba ka rubuta shi a allon shago ba, ba ka ba masu saye ba, ka ɗaura asusun bankin a kansa, ka bar shi a ƙaramar waya a gida, kana yin kira da shi lokaci-lokaci domin layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kamfani yana iya karɓewa ya ba wani. Ka je bankin da ƙafarka ka ce su rage iyakar abin da za a iya fitarwa a yini zuwa daidai buƙatarka, idan kuma ba ka amfani da hanyar danna lambobi ka ce su rufe ta. Duka layukan biyu ka sa wa sim ɗinsu PIN, don idan an sace waya aka zare shi aka sa a wata ya ƙi buɗewa. Sannan kowace yamma, bayan ka rufe lissafi, ka tura cinikin ranar zuwa banki, ka bar abin da zai ishe ka ƙananan biyan gobe kawai. Manyan masu kawo kaya kuwa daga banki za ka riƙa biyansu.

Yin haka zai ba ka wani abu da ba ka tunaninsa yanzu. Ranar da za ka nemi rance ko ka nemi wani babban dila ya ba ka kaya bashi, takardar shige da ficen asusunka ta watanni za a nema, kuma asusun da kullum cinikin yini yake shiga cikinsa shi kaɗai, ba a gauraya shi da kuɗin cefane da na kati ba, shi ne yake nuna girman kasuwancinka. Game da asusun wayar ma, ka bincika ko na 'yan kasuwa ka buɗe ko na kowa da kowa, domin na kowa da kowa yana da matakai gwargwadon shaidar da ka bayar, kuma ƙaramin mataki yana da iyakar abin da zai riƙe, idan ka kai ta sai kuɗin mai saye su ƙi shiga ko a riƙe su sai ka kai takardu. Ka tabbata kuma kamfanin yana da lasisin babban bankin ƙasa.

Abu ɗaya nake roƙonka ka riƙe ko da ka watsar da sauran. Duk ranar da ka ga sabis ya ɗauke a wayarka alhali na kusa da kai mai layi irin naka yana da shi, kada ka jira gobe kamar yadda na jira. Ka ari waya a take ka kira kamfanin asusun ka ce su dakatar da shi, ka kira banki, sannan ka nufi ofishin masu layin da katin shaidarka. Lambobin kiran nan ka rubuta su a takarda tun yau ka sa a aljihun tebur, domin a ranar da za ka buƙace su wayar da suke ciki ba za ta yi maka amfani ba.

Idan na yi zafi a sama ka yi haƙuri, ba don na raina ƙoƙarinka ba ne. Yayanka ya ce kasuwa tana yi da kai, kuma na yi farin ciki ƙwarai, na san kuma ba ka taɓa cin kuɗin kowa ba. Kada ka rufe asusun bankin nan. Idan ka sayi layin na biyu ka gama da bankin, ka kira ni ka faɗa mini, kuma ka gaishe mini da mai ɗakinka da yaran. Allah ya yi maka albarka, ya tsare maka dukiyarka.

Wassalam,
Mahaifinka.